Kaya a Sito Suna Cin Abinci

Ɗana,

Na ji labarin ka fara tsayawa da ƙafarka, har dillalan Duwala sun san lambarka, suna kiranka da kansu. Na yi murna ƙwarai. Amma daga ranar da dillali ya fara kiran mutum da kansa, daga ranar ne jarrabawar ɗan kasuwa ta gaske take farawa, domin ba zai daɗe ba zai ce maka: "Alhaji, in ka kwashe duka zan yi maka ragi." Saboda wannan kalmar na zauna rubuta maka takardar nan, daga ɗakina a unguwar Madagaska, inda hayaniyar kasuwar Mokolo ke shigo mini ta taga tun da asuba. Na yi shekaru masu yawa ina sayar da atamfa da shadda a Birikiteri, kuma yawancin asarar da na yi a rayuwata ba ɓarawo ne ya jawo mini ita ba. Araha ce.

Bari in fara da abin da ka sani tun kana yaro. Kowace shekara akwai mai cewa zai yi dabara, ya sayi ragon Layya tun saura wata uku, lokacin da raguna ba su yi tsada ba. Ya saya da sauƙi, gaskiya ne. To amma sai ya ɗaure shi a tsakar gida. Kullum sai dusa da harawa, sai an nemi yaron da zai riƙa kula da shi, sai maganin zawo in ruwan Yawunde ya dake shi, ga fargabar ɓarawo da dare. Ranar Salla in ya zauna ya haɗa abin da ragon ya ci, sai ya tarar maƙwabcinsa da ya saya ana jibi Salla bai fi shi kashe kuɗi ba. Kowa ya yarda rago yana ci, domin ana jin kukansa in an manta da shi. Abin da ƴan kasuwa da yawa ba su yarda da shi ba shi ne, dilar atamfa ma tana ci. Bambancin kawai, ita ba ta kuka.

Bakuna huɗu take ci da su: kuɗin da ka binne a cikinta, wurin da take kwana, tsaronta, da lalacewarta. Zan bi maka su ɗaya bayan ɗaya da misali guda, domin lissafin da ba a ɗora shi kan kaya ba iska ne. Alƙaluman da zan kawo na misali ne. Ka cire su ka sa na shagonka.

A ce kana sayar da turmi 100 na atamfa a wata, kana saro kowane a kan sefa 8,000. Kowane wata kenan kana fitar da 800,000, kaya su zo, su ƙare, ka sake sarowa. Sai dillali ya ce in ka ɗauki turmi 600 a tashi ɗaya zai bar maka a 7,400. Ragin 600 a kan kowane turmi, sau 600, ya kama 360,000. Sannan maimakon ka yi oda sau shida a wata shida, sau ɗaya za ka yi. In kowace oda tana cin 20,000 na mota da ƴan dako da kuɗin aikawa, ka tsira da 100,000. Jimla 460,000. Wanda ya ji wannan kuɗi dole zuciyarsa ta motsa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai wannan rabin lissafi ne, rabin da dillali ya yi maka. Sauran rabin kai za ka yi wa kanka, don babu mai yi maka shi.

Baki na farko shi ne jari. Turmi 600 a kan 7,400 ya kama 4,440,000, kuma za ka biya su yau. Kuɗin ba za su dawo hannunka gaba ɗaya ba sai bayan wata shida. Amma ka lura da wani abu: kayan suna raguwa a hankali. Ranar farko 600 ne, ranar ƙarshe babu ko ɗaya, saboda haka in ka daidaita, kamar kana riƙe da rabinsu ne, turmi 300, tsawon wata shidan. Kuɗinsu 2,220,000. A tsohon tsarinka na wata-wata kuwa, abin da ke kwance a daidaice turmi 50 ne, kuɗinsu 400,000. Bambanci tsakaninsu 1,820,000. Wannan shi ne kuɗin da ka kwantar da su barci na wata shida.

Za ka ce, "Baba, ai kuɗina ne, ban ranto ba, wa zai caje ni?" Kasuwa ce za ta caje ka. Ka tambayi kanka abin da kuɗin nan za su yi da suna farke. Kana zaune a unguwa mai teloli da yawa a Yawunde. Kullum suna neman zare, da shafi, da maɓalli, da zif, kayan da ke juyawa cikin mako. Da kuɗin suna hannunka da ka zuba su can, ko ka saro sabon zane da ya fito mata suna rububinsa. In ka duba littafinka ka ga kowace 100 da ka juya tana kawo maka 2 a wata bayan an cire ɗawainiya, to wannan 2 ita ce farashin kuɗinka. Kashi 2 cikin ɗari na 1,820,000 shi ne 36,400 a wata. A wata shida, 218,400. Ba za ka ga rasit ɗin wannan kuɗi ba, shi ya sa aka fi mantawa da shi, alhali sau da yawa ya fi sauran bakunan girma. In kuwa ranto kuɗin ka yi, to ba sai na faɗa maka ba, mai bin bashi zai tuna maka ƙarshen kowane wata, ga kuma abin da addininmu ya ce game da bashi mai ruwa. In kwasar adashinka ka zuba, ka tuna zubi ba ya jiran atamfa ta ƙare.

Baki na biyu shi ne wurin kwana. Shagonka yana ɗaukar turmi 200 a matse. Sauran 400 fa? Dole ka kama ɗaki. A Birikiteri wuri ya yi wuya, sai ka samu a nan Madagaska ko bayan Mokolo, a ce 25,000 a wata. Abin lura a nan shi ne kuɗin haya ba ya bin kaya yana raguwa. A wata na huɗu ɗakin ya kusa zama fanko, amma mai gida kuɗinsa cikakke zai karɓa, kuma masu gidaje a garin nan ba su cika yarda da hayar wata biyu ko uku ba, sun fi son a biya na watanni da yawa a gaba. Mu ce wata shida, 150,000. Ban sa kuɗin katakon da za ka shimfiɗa a ƙasa ba, da kwado, da ɗan acaba ko mai kura da zai riƙa ɗauko maka kaya duk bayan kwana biyu. Na bar maka su kyauta don kada ka ce na tsananta.

Baki na uku shi ne tsaro, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne wanda mutanenmu suka fi wasa da shi. Mai gadin layin sito zai karɓi rabonka, a ce 5,000 a wata, 30,000 kenan. Mai gadi yana hana ɓarawo, amma ba ya hana wuta. Duk wanda ya zauna a kasuwa ya san yadda wayoyin lantarki suke a sarƙe a saman rumfuna, da yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi cikin dare babu kowa. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Fabrairu na 2019 kasuwar Kwango ta Duwala ta kama, inda ƴan uwanmu masu yadi suke da yawa. A watan Agusta na 2022 kuma ba wuta ba ce, ruwa ne ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa yadudduka masu ɗimbin yawa. A duk waɗannan wurare, wanda ya fi shan kashi shi ne wanda ya tara kayan wata shida a wuri ɗaya. Mai kayan wata ɗaya ya yi kuka, ya share hawaye, ya sake sarowa da abin da ya rage a hannunsa. Masu kayan wata shida kuwa, da yawa ba su sake tashi ba.

Inshora a ƙasar nan tana tafiya ne bisa dokar CIMA, yarjejeniyar da ƙasashen Afirka masu yawa suka sa wa hannu a nan Yawunde a 1992. Abu uku nake so ka riƙe in za ka shiga. Na farko, in ba ka biya kuɗin inshorar ba, ba ka da kariya, ko da takarda tana hannunka. Na biyu, abin da ka bayyana shi aka kare. In kayanka na miliyan 4 ne ka ce na miliyan 2 ne don ka rage biya, sai wuta ta ci na miliyan 1, ba miliyan 1 za a ba ka ba, rabinsa za a ba ka, domin rabin dukiyarka ka kare. Haka kuma takardar da aka rubuta a kan shagon Birikiteri ba ta bin kaya zuwa ɗakin Madagaska sai ka je ka sanar an rubuta. Ka kuma tambaya da bakinka ko ambaliya da sata suna ciki, a nuna maka layin da aka rubuta su. Na uku, ranar da abu ya faru za a ce ka kawo shaidar abin da ke cikin ɗakin. Wanda ba shi da rasitan sari da littafin shiga da fitar kaya, ko ya aje su a cikin ɗakin da ya ƙone, ya shiga uku. Mu sa 30,000 a lissafinmu saboda ƙarin kayan nan.

Na san akwai masu ƙyamar inshora saboda addini, kuma malamai sun yi magana a kai, har aka fito da tsarin takaful na taimakon juna. Wannan ka tambayi malaminka. Abin da ni zan faɗa maka a matsayin ɗan kasuwa shi ne, ƙin biyan inshora bai goge wannan layi daga lissafi ba. Ya mai da kai ne kamfanin inshorar kanka. Saboda haka ko dai ka riƙa ware wani abu gefe kowane wata, ko ka raba kayanka wuri biyu, ko kuma, wanda ya fi duka sauƙi, kada ka tara abin da in ya tafi zai tafi da kai. Tawakkali gaskiya ne, amma an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Baki na huɗu shi ne lalacewa. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Garwa sun zo da al'adar ƙasa mai bushewa, inda za ka aje yadi shekara ka same shi yadda ka bar shi, in ban da ƙura. Yawunde ba haka take ba. Damina biyu muke yi a shekara, ɗaya daga wajen Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ko a tsakaninsu iska ba ta rabuwa da danshi. Dilar da ta jingina da bango za ta sha raɓa ta yi funfuna. Wadda ke ƙasa siminti zai tsotsa mata sanyi. Gara tana bin katako ta hau, ɓera yana son kwali da sitaci, turmin da ke bakin ƙofa rana ta koɗar da gefensa, wanda ya daɗe a naɗe layin naɗin ya fito fari. Shadda kuwa, da ta sha danshi sheƙinta ya tafi, kuma sheƙin ake saye. A ce cikin 600 turmi 18 suka taɓu, ka karyar da su a rabin kuɗi. Ka yi asarar 3,700 sau 18, wato 66,600.

Akwai wata lalacewar da ba ta barin tabo, ita ce wucewar yayi. Atamfa ba gishiri ba ce. Zanen da mata suke layi a kansa a watan Azumi, kafin Babbar Salla sun gan shi a jikin kowa sun gaji da shi. Turmi 100 na ƙarshe a cikin 600 ɗinka za su isa kanta ne a wata na shida, lokacin da maƙwabcinka ya canja kaya sau biyar. Sai ka rage 1,000 a kowane kafin su tafi. Ga 100,000.

A kan wannan ni kaina na sha bulala. Ka san atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, wadda ake fitarwa kowace shekara da sabon zane, mata su ɗinka su fita maci. Wata shekara na ga yadda aka yi wawarta a shekarar da ta gabata har na rasa abin sayarwa, sai na ce bana ba za a bar ni a baya ba, na ninka sarina. Kasuwa ta yi kyau har zuwa 6 ga wata. Ranar 7 teloli sun daina karɓar ɗinki, ciniki ya tsaya cak. Ranar 9 na wayi gari da tarin atamfa sabuwa fil, babu funfuna, babu cin ɓera, amma ɗauke da tambarin ranar da ta riga ta wuce. Na ƙi karyarwa, na ce ai asara ce. Na riƙe ta wata da watanni tana cin wuri, daga ƙarshe na sayar a ƙasa da farashin da aka taya tun makon farko. Ba wanda ya cuce ni. Asara biyu na yi da hannuna: ta yawan sari, da ta ƙin sakin kwantai da wuri.

To mu haɗa. Jari 218,400. Haya 150,000. Gadi 30,000. Inshora 30,000. Kayan da suka taɓu 66,600. Wucewar yayi 100,000. Jimla 595,000. Abin da ragi da rage zirga-zirga suka ba ka 460,000 ne. Ka ga an ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu, har ka cika 135,000 daga aljihunka. In ka raba 595,000 a kan turmi 600, kowane turmi ya ci kusan 1,000 yana zaune, alhali ragin da aka yi maka a kansa 600 ne. Kuma ka tuna wannan lissafin na shekarar da komai ya tafi daidai ne, wadda ka ci gaba da sayar da 100 a wata. In ciniki ya ja baya zuwa 75, kayan wata shida sun zama na wata takwas, bakunan nan huɗu kuma ba su daina ci ba.

Ba ina ce maka ka kashe wa dillali waya ba ne. Ka sake taya shi. Ka ce, "Ba zan iya 600 ba, amma zan ɗauki 200 duk bayan wata biyu, ka bar mini a 7,700." Dillali mai hankali ya san abokin ciniki mai dawowa ya fi mai zuwa sau ɗaya. In ya yarda, duba abin da zai faru. Ragin 300 a kan turmi 600 cikin wata shida ya ba ka 180,000. Oda uku maimakon shida ta bar maka 60,000. Jimla 240,000. Abin da ke kwance a daidaice yanzu turmi 100 ne, kuɗinsu 770,000, wato ƙarin 370,000 a kan tsohon tsarinka, wanda a kashi 2 cikin ɗari zai ci 44,400 a wata shida. Kayan sun shiga shagonka, babu hayar ɗaki, babu sabon mai gadi. Sa 20,000 na abin da ba a rasa ba. Abin da ya rage maka tsaf ya haura 175,000. Ƙaramin ragi ya kawo riba, babban ragi ya kawo asara, a kan kaya iri ɗaya, daga hannun dillali ɗaya. Sirrin yana wurin da bangon shagonka ya tsaya: duk sarin da zai tilasta maka kama sabon ɗaki, a nan ne lissafi yake karyewa.

Ka tambayi kanka kuma dalilin da ya sa yake son ka kwashe duka. Shi ma yana da sito a Duwala, shi ma yana biyan haya da gadi, shi ma kuɗinsa suna barci, kuma wataƙila sabon kaya yana kan ruwa yana tafe. Ragin da ya yi maka ladan ɗauke masa ragonsa ne ka kai gidanka ka ciyar. Babu laifi a cikin wannan, ciniki ne. Kai dai ka tabbata ladan ya kai kuɗin dusar.

Yanzu bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin akwai lokacin da riƙe kaya shi ne hankali. Mu da muka ga watan Janairu na 1994 ba za mu manta ba. Aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, wanda sitonsa ke cike ya tsira, wanda ke riƙe da takardun kuɗi ya zauna yana kallo. Irin wannan ne ya sa in ka je Kano ƴan uwa za su ce maka, "Kada ka kwana da kuɗi, mai da su kaya." Su suna da dalili, domin naira ta sha faɗuwa, musamman daga 2023, har tashin farashi yana iya biyan kuɗin zaman kaya. Amma kai da sefa kake ciniki, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999. Farashi yana tashi a nan ma, sai dai ba irin gudun da zai rufe kusan 1,000 a kan turmin 7,400 cikin ƴan watanni ba. Shawarar da ta yi daidai a Kantin Kwari tana iya kayar da kai a Birikiteri. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Haka nan gabanin Ƙaramar Salla. Wanda bai cika shago kafin Azumi ya raba ba, zai zauna yana kallon masu saye suna wuce shi, kuma ribar da ta wuce ka saboda babu kaya ita ma asara ce, har da abokin cinikin da ya saba da wani shagon. A nan ka ƙara sari, domin kayan ba za su daɗe ba. Ma'aunin ɗaya ne ko yaushe: kwana nawa kayan za su yi kafin su koma kuɗi, nawa za su ci a kwanakin, nawa kuma kake sa ran samu saboda riƙe su. In na ƙarshe bai fi na tsakiya da tazara mai kyau ba, bar shi.

Ka dubi ƴan uwanmu masu albasa, su ne suka fi kowa sanin wannan karatu, don nasu kayan yana wari in sun yi kuskure. Albasa tana araha lokacin girbi a ƙasar Marwa da Garwa, ta yi tsada in damina ta yi nisa. Amma ba ka ganin mai hankali ya loda ta tun tana araha ya kawo Yawunde ya jibge. A arewa yake barinta cikin rumfa mai shan iska, yana juya ta yana tsince ruɓaɓɓu, yana sakin ta kaɗan-kaɗan zuwa kudu, domin ya san a danshinmu cikin ɗan lokaci za ta tsiro ta ruɓe. Ko a can ɗin ma buhu yana ramewa, saboda haka kafin ya ce ya ci riba sai ya lissafa buhu nawa ya zuba, buhu nawa ya kwashe. Kai ma ka koyi wannan: in dillalinka amintacce ne kuma mota tana zuwa daga Duwala cikin yini guda, sitonsa ya fi naka araha.

Sannan akwai zakka. Ita ba asara ba ce, tsarki ce ga dukiya, amma tana buƙatar tsabar kuɗi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya irinka yana ƙiyasta kuɗin abin da ke shagonsa in shekara ta zagayo, ya haɗa da abin da ke hannunsa, ya fitar da ɗaya cikin arba'in in ya kai nisabi. Na ga masu sito maƙil da kaya suna kame-kame ranar fitar da ita, don duk dukiyar ta zama dila. Ka sa wannan rana a cikin shirinka tun kafin ka yi babban sari.

Ta yaya za ka gane kayanka sun fara cin ka? Alamomin ba su da wuya. In shagonka a cike yake amma kana rance don biyan haya ko kuɗin makarantar yara, to jarinka ya yi barci. In masu saye suna tambayar abin da ba ka da shi, kai kuma kana ta nuna musu abin da ba su tambaya ba, to ka sayi abin da dillali ke son sayarwa ne, ba abin da unguwa ke nema ba. In akwai dilar da sai ka yi tunani kafin ka tuna abin da ke cikinta, ta wuce lokacinta. Maganin kuma alli ne ko biro. Duk dilar da ta shigo rubuta mata ranar zuwanta a jiki. Ka riƙa fitar da tsohuwa kafin sabuwa. Ranar ɗaya ga kowane wata ka ƙirga abin da ke akwai, ka raba shi da abin da ka sayar a watan da ya wuce. Amsar ita ce watannin da kayan za su yi a hannunka. Ka yi wannan ga kowane iri daban, domin zane mai gudu yana rufa wa mai barci asiri in ka haɗa su. Duk wanda ya haura wata uku, yanke masa hukunci a ranar: a rage masa kuɗi, a haɗa shi da mai gudu, ko a kai wa masu saye da yawa na kasuwannin ƙauye. Kada ka ce sai ya mai da uwar kuɗinsa. Kuɗin da ka biya sun riga sun tafi, abin da ya rage a hannunka shi ne zaɓi tsakanin karɓar 6,500 yau ka juya su, ko ci gaba da ciyar da shi kana jiran 7,400 da ƙila ba za ta zo ba.

Saboda haka, ɗana, ranar da wayar nan ta shigo aka ce ka kwashe duka, kada ka ce to, kada ka ce a'a. Ka ce, "Alhaji, ba ni zuwa gobe." Bayan Isha'i ka ɗauko littafinka ka ja layi huɗu: jari, haya, tsaro, lalacewa. Ka cika su da alƙalumanka na gaskiya, ba na fata ba, ka raba a kan yawan kayan, ka aje amsar kusa da ragin da aka yi maka. Aikin minti goma sha biyar ne. In ragin ya rinjaya, saya da ƙarfin zuciya. In bai rinjaya ba, taya rabin kayan ko sulusinsu.

Ka ma tuna mai ragon Layya ya fi ka sa'a ta wani gefen. Shi nasa in ya ci dusa ƙiba yake yi. Ban taɓa ganin turmin atamfar da ya ƙara ko taƙi ɗaya don ya daɗe a sito ba.

Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya tsare ka da gobara da kwantai. Ka gai da mutanen gida.